Neman sunan Hausa ga tarawar Kahan

Malama Hauwa: Salamu alaikum. Jibi zan ɗauki darasin bidiyo kan lissafin kwamfuta, kuma na maƙale a kan `compensated summation`, dabarar da William Kahan ya wallafa a 1965. Misalina shi ne na'ura mai riƙe alƙaluma huɗu kacal. Jimla tana 1000, a ƙara mata 0.4. Amsa 1000.4 ce, amma babu gurbin alƙalami na biyar, sai ta koma 1000. Ko sau goma aka ƙara, tana nan a 1000, alhali 1004 ya kamata. Me zan kira dabarar da ke magance wannan?

Bashir: Tarawa mai diyya. Ko a ce wa ɗalibai su koma `double`, nau'in lamba mai riƙe alƙaluma da yawa, magana ta ƙare.

Injiniya Sani: Bashir, `double` na rage ɓarnar ne, ba ya kawar da ita. Tara 0.1 ɗaya bayan ɗaya sau goma a Python, wanda da `double` yake lissafi, 0.9999999999999999 za ka gani. Diyya kuwa, mai sauraro zai ɗauka an yi kisa. Dubi aikin tukuna, `s` ce jimla, `c` kuma ke riƙe kuskuren kowane zagaye:

```python
s = 0.0
c = 0.0
for x in jeri:
    y = x - c
    t = s + y
    c = (t - s) - y
    s = t
```

A misalin Malama, inda `s` ta fara daga 1000, zagayen farko `t` ya tsaya a 1000. To `t - s` sifili ne, wato babu abin da ya shiga, sai `c` ya zama -0.4. Zagaye na biyu `y` ya zama 0.8, domin an haɗa da abin da ya zube. 1000.8 ta koma 1001, an ba jimla fiye da haƙƙinta, `c` ya rubuta 0.2. Na uku an cire wannan, 0.2 kawai aka miƙa. A zagaye na biyar jimla 1002 cif, `c` sifili. Ni "tarawa mai ciko" zan ce, kamar mai shago da ya ce gobe ka karɓi cikon canjinka.

Malam Ɗanlami: Madalla da ba ka ce "jimla" a sunan ba, don Larabci ce. A dunƙule shi kalma ɗaya: taraciko. Na daɗe ina cewa kalmar ilimi ba ta zama jela-jela. Haka nan ku daina "kwamfuta", na'ura mai ƙwaƙwalwa muke da ita.

Bashir: Allah gafarta Malam, "na'ura" ɗin daga ina ta zo?

Malam Ɗanlami: Ta zauna ta zama 'yar gida. Ku 'yan boko kunyar harshenku kuke ji.

Hajiya Rabi: Ni dai abin ya taɓa ni. A wurin aikinmu kowane ƙarshen wata sai lissafin albashi ya saɓa da kwabo biyu ko uku. Wannan ce maganinsa?

Injiniya Sani: A'a Hajiya. Kuɗi a ajiye su a kwabo, lamba cikakkiya, ba sai an nemi wata dabara ba. Wannan ta ma'aunai ce masu ɗimbin yawa. A `float32`, mai riƙe alƙaluma ƙasa da `double`, jimla na kaiwa 16777216, ko ka ƙara 1 ba ta motsi.

Moussa daga Damagaram: Ina da ja kan "ciko". Ciko abin da ya gaza ne. Amma a zagaye na biyu kai da bakinka ka ce an ba jimla fiye da haƙƙinta. Wannan rara ce, ba giɓi ba. Ɗalibi zai zaci kullum ƙari ake yi.

Injiniya Sani: Ka yi gaskiya, `c` na tafiya ta ɓangare biyu. Akwai ma inda sunan zai yi alƙawarin da dabarar ba ta cikawa. Ba ta 1.0, 1e100, 1.0, -1e100, za ta ce 0.0, amsa kuwa 2.0 ce, saboda ta ɗauka jimla ce kullum babba. Gyaran Neumaier na 1974 yana duba wanne ya fi girma kafin ya ajiye saura. Malama, ki kuma gargaɗe su kan `-ffast-math`, zaɓin hanzarta lissafi a `compiler` na C: yana iya ganin `(t - s) - y` sifili ne a aljabara, ya share layin. Alamarsa, amsa ta fito daidai da ta tarawar gama-gari.

Malam Ɗanlami: Duk wannan bai rushe taraciko ba. Bahaushe ba sai ya jira Kahan ya raɗa masa suna ba.

Moussa daga Damagaram: Malam, ba raɗa suna ya yi ba, dabarar ya kawo. Ni "tarawa mai riƙon saura" na fi so.

Malama Hauwa: Na gode muku. A allo zan rubuta "tarawar Kahan", don su same ta idan sun bincika. A baki zan ce "tarawa mai ciko", in nuna zagaye na biyu don hujjar Malam Moussa. `c` kuwa zan kira shi "saura". Har yanzu ba ni da sunan mayar da 1000.4 zuwa 1000.

Malam Ɗanlami: To, ban yarda ba, amma darasinki ne. Wancan kuma "datsewa".

Injiniya Sani: Datsewa za ta mayar da 1000.8 zuwa 1000, ba 1001 ba. Kada ki sa shi, Malama.