Makaranta ta ce in kawo kwateshin na tebura 120, me zan rubuta a ciki?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan wurin walda da kafinta. Wata makaranta na son tebur haɗe da benci guda 120, irin na ɗalibai biyu-biyu, an ce in kawo kwateshin da gajeriyar takardar neman aikin kafin ƙarshen mako mai zuwa. Na ji mu uku aka nema. Aikin kam na iya, rubutun ne ban taɓa yi ba. Me ake sawa a ciki, kuma yaya zan yanka farashi ban cuci kaina ba, ban kuma kori aikin ba?

Ɗan kasuwa:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka wahalar da kanka da dogon rubutu. Tunda ku uku ne, jera takardunku za a yi a dubi jimillar ƙasa, wanda ya fi sauƙi ya ɗauka. Ka sa riba kaɗan ka shiga tukuna, in suka san ka, aiki na gaba sai ka fanshe.

Tsohon ma'aji:
Wa alaikumus salam. Na daɗe a ofishin kuɗi na makaranta, irin waɗannan takardu ta hannuna suke bi kafin su je gaban kwamiti. Ɗan kasuwa yana da gaskiya ta wani ɓangare: lallai ana jera su a kwatanta. Amma kafin a dubi jimilla, sai an tabbata ukun nan abu ɗaya suke magana a kai, kuma a nan yawancin mutane suke faɗuwa.

Wani zai rubuta "tebur da benci, 120" ya sa kuɗi, shi ke nan. Kwamiti ba shi da hanyar sanin ko falankinsa mai kauri ne ko mai lanƙwashewa in yaro ya jingina. To, ɗana, ka fara komawa makarantar. Ka tambayi 'yan aji nawa ne za su zauna a kai, domin tsayin tebur na ƙananan yara ba ɗaya ba ne da na manya. Ka roƙi a nuna maka na da, ka ga ta inda suka karye. In sun ba da takardar bayanin abin da suke so, ka bi ta layi-layi da jerin da suka yi, kada ka sauya tsarin, don mai kwatantawa ya sami kowane abu a inda yake tsammani.

Sannan layinka ya fito kamar haka: "Tebur haɗe da benci na mutum biyu, tsawo santimita 120, ƙafafu na bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu milimita 25, kaurin ƙarfen milimita 1.5, saman tebur da mazauni na busasshen katako mai kaurin milimita 18, an goge gefuna, fenti shafi biyu, da wurin ajiye jaka a ƙasa." A gabansa adadi, kuɗin guda ɗaya, da jimilla. Awon nan misali na ba ka, ka sa wanda za ka yi da gaske. Ranar da takardarka ta zo da wannan bayani, in wani ya fi ka arha da ƙarfe mai kaurin 1.2, ma'aji yana da abin da zai nuna wa kwamiti ya ce ga dalilin bambancin. In ba ka rubuta ba, ko yana son ya ba ka ba shi da hujjar da zai kare kansa gaban mai binciken kuɗi.

A saman takardar ka sa sunan sana'arka da adireshi da lambar waya, kwanan wata, lambar kwateshin, da ofishin da aka ce a aika wa. Jimillar ƙarshe ka rubuta ta da lamba da kuma kalmomi, ka sa hannu, ka buga hatimi in kana da shi. Ka sake lissafin sau biyu. Wurare da yawa in kuɗin guda ɗaya da jimilla suka saɓa, kuɗin guda ɗaya ake ɗauka a gyara jimillar, ko da gyaran ya cuce ka.

Malamar makaranta:
Ni a ganina ka rubuta tarihin sana'arka sosai, yadda ka fara, yaran da kake koyarwa, da burinka nan da shekara biyar. Ɗan'uwana da ya nemi tallafin jari haka ya yi, shafi goma sha, kuma ya samu.

Tsohon ma'aji:
Malama, wancan neman jari ne, shi ya sa aka so jin burinsa. A nan makaranta saye za ta yi. Shafi ɗaya ya isa, kuma tambayoyi ne guda uku a zuciyar shugaban makaranta: mutumin nan ya gane abin da muke so? Zai kawo kafin a dawo hutu? In abu ya lalace za mu gan shi? Sai ya buɗe da abin da ya gani a azuzuwan, misali tsofaffin teburan daga mahaɗar ƙafa suke ɓallewa, don haka zai ƙara sandar ƙarfe a tsakani. Sai jadawalin kawowa, sai wurare biyu da ya taɓa yi wa aiki tare da hotuna, bayan ya nemi izinin masu wurin cewa za a iya kiransu. Sai garanti, a faɗi na wata nawa ne kuma me ya ƙunsa: walda da ta saki yana ciki, abin da yara suka fasa da gangan ba ya ciki. Takardun rajista da na haraji, in an nema, kwafinsu ya biyo a baya.

Hajiya mai kawo kayan ofis:
Ƙanena, ni maganar farashi zan taɓa, don shawarar "sa riba kaɗan ka shiga" ta rufe shagunan mutane da yawa. Bari mu yi da lamba mai sauƙi. A ce kayan aiki da ladan ma'aikata na tebur ɗaya sun tsaya maka a 100, kayan 70, ladan 30. Sai ka ɗora 20 ka rubuta 120, kana ganin ribarka 20 ce. To motar da za ta kai fa? A ce 6 a kan kowane tebur. Lodi da saukewa da jerawa a aji, 2. Waɗanda za su kuje a hanya a sake musu fenti, da zuwan da za ka yi gyara lokacin garanti, 2. Ka ga teburin a 110 ya tsaya maka.

Sannan ofisoshi da yawa suna cire wani haraji tun daga tushe kafin su biya ka. A ce kashi 5 cikin 100 ne, kai dai ka tambayi akantansu ainihin nawa ne. Daga 120 an cire 6, hannunka ya karɓi 114. Abin da ya rage maka 4 ne a kowane tebur. In kayan aiki suka tashi da kashi 10 kafin a ba ka oda, 7 ke nan, ka riga ka shiga cikin uwar kuɗinka. Amma da a kan 110 ka ɗora kashi 20, farashin 132 ne, a cire 6.6, ka karɓi 125.4, saura 15.4. Wannan zai iya shanye tashin kaya ka fita da wani abu. Kuma ka karɓi takardar shaidar abin da aka cire, domin a wurare da dama ana rage shi daga harajin da za ka biya daga baya.

Saboda tashin kayan nan, dole takardarka ta ce farashin na kwana nawa ne. Ni 14 nake sawa in kasuwa na rawa, 30 in ta lafa, sai dai in su suka ƙayyade. Ka kuma fito fili ka ce harajin sayen kaya yana cikin farashin ko a kansa za a ɗora. In ka yi shiru, za su ɗauka yana ciki.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Baba da Hajiya. Wallahi kuɗin mota bai zo mini a rai ba. In ware shi a layinsa ne ko in narka shi cikin kuɗin tebur? Kuma jarina ba zai ɗauki 120 lokaci ɗaya ba. Laifi ne in nemi kafin alƙalami?

Hajiya mai kawo kayan ofis:
Ni narkawa nake yi, in rubuta "farashin ya haɗa da kaiwa har cikin aji". Da zarar sun ga layin mota daban sai su ce a cire, motar makaranta za ta ɗauko, kuma in kaya suka lalace a motarsu kai za a kira. Kafin alƙalami kuwa ka nema, rabi ma. Wanda bai tambaya ba ba a ba shi.

Tsohon ma'aji:
A nan mun ɗan saɓa da Hajiya. Ni a kujerata na fi son in ga mota a layinta, don in wani bai sa ba in gane arharsa ba ta gaskiya ba ce. Ka tambaye su wanne suka fi so. Kafin alƙalami kuma ya danganta da irin makarantar. Mai zaman kanta tana iya bayarwa in mai ita ya yarda da kai. Ta gwamnati sau da yawa dokarta ta ƙayyade kason da za a iya bayarwa, ko ta ce sai da lamunin banki, ko sai kaya sun shiga sito. In ka sa rabi a matsayin sharaɗi, kana iya fitar da kanka da hannunka. Abin da na ga yana aiki shi ne kawowa kashi-kashi: 40 a mako na biyu, 40 a na huɗu, 40 a na shida, kowane kashi a duba, a sa hannu, a biya cikin kwanakin da kuka yarda. Kuɗin na farko ya sayi kayan na biyu. Kuma ka rubuta cewa kwanakin suna farawa ne daga ranar da ka karɓi takardar oda, ba daga ranar kwateshin ba.

Mai ɗinkin yunifom:
Maganar takardar oda ta taɓa ni. Wata makaranta ta kira ni a waya aka ce an ba ni aiki, in fara. Na yanka yadi na ɗinka, kafin in kai aka sauya shugaba, sabon ya ce bai ga komai a fayil ba. Rabin kayan har yau suna wurina da tambarinsu a jiki, ba mai saye. Yayana, kada ka yanka ƙarfe ko ɗaya sai takarda mai sa hannu da hatimi ta shigo hannunka, adadi da farashin da ke cikinta sun yi daidai da naka. Ranar kai kaya kuma mai kula da sito ya ƙirga a gabanka ya sa hannu a kwafi biyu, ɗaya naka.

Ɗan kasuwa:
Duk na ji, amma ni dai na sha ganin an karanta bayani mai kyau, an yaba, an ba mai arha. In sauran biyun suka zo a 120 shi yana 132, anya kaurin ƙarfe zai cece shi?

Hajiya mai kawo kayan ofis:
Ba kullum ba, gaskiya. Wani kwamitin kuɗin da ke hannunsa ke nan, ba yadda zai yi. Abin da mai tambaya zai iya yi shi ne ya haɗa tebur ɗaya na samfur ya kai tare da takardar, su zauna a kai su jijjiga shi. In tsarinsu ya yarda da zaɓi biyu, ya sa na biyu mai rahusa a shafi daban, ya faɗi abin da ya rage a ciki da garantin da zai iya bayarwa a kansa.

Tsohon ma'aji:
Zaɓi biyun nan ya tambaya kafin ya sa, wasu wuraren farashi ɗaya tak suke karɓa daga kowa. Samfurin kuwa, in sun amince da shi, a sa masa alama a bar shi a sito, da shi za a gwada sauran ranar karɓa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Gobe in Allah ya kai mu zan je in auna tsofaffin, in ga akanta a kan harajin da batun biya kashi-kashi. Hajiya, in na rubuta zan so ki duba mini lissafin kafin in kai.