Ɗora kwat a kan hoton neman aiki: abin da ya same mu

Mai neman aiki, Nima: Assalamu alaikum. Ina da hoto mai kyau da aka ɗauke ni da ti-shat a bakin taga, sai wani mai hoto ya ɗora mini baƙar kwat da taye a kwamfuta domin in haɗa da takardar neman aiki. A waya ban ga aibi ba, amma da aka wanke shi, sai kaina ya zama kamar an dasa shi a jikin wani. Shin akwai wanda ya taɓa cin karo da wannan?

Tsohon mai hoto, Mamobi: Wa alaikumus salam, ƙanena. A wuyan mutum ake gane irin wannan aiki. Hasken taga ya bugi fuskarka daga gefe guda, ita kuwa kwat ɗin an ɗauke ta ne da hasken situdiyo mai zuwa daga gaba, don haka inuwarsu ba za ta dace ba. Ni idan zan yi, nakan rage Opacity na kwat ɗin zuwa 50 a Photoshop, wato in sa ta zama shara-shara, har in hango kafaɗun mutum ta ƙarƙashinta, in daidaita faɗinta da nasu, domin yawancin yaranmu girman kai kawai suke dubawa. Sannan in tura bayan kwala ta koma bayan wuya, in goge bakin ti-shat ɗin da ke leƙowa, in sa 'yar inuwa ƙarƙashin haɓa. Ka ƙara girman hotonka ninki biyu ka duba. Idan zaren kwat ya fito tar alhali fuska ta ɗan dushe, to, asiri ya tonu.

Ɗalibi, Madina: Baba, ai wannan wahala ta wuce, domin manhajar waya tana yin aikin cikin minti ɗaya, kuma wuyan yakan zauna daidai.

Malamar makaranta, Sabon Zango: Wuyan yakan zauna, ɗana, amma fuskar fa? Da na gwada wa maigidana, manhajar ta share masa zanen gado na kumatu, ta kuma rage masa hanci, har ni kaina na yi jim kafin in gane shi. Wanda zai zauna gaban masu intabiyu da wata fuska dabam, me zai ce musu? Nawa hoton kuwa ya gagara, saboda hijabi yana sauka ne a kan kafaɗa, ita kuma ta cusa shi cikin kwala.

Direba, Ashaiman: Ni dai da na je yin Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, nan take suka ɗauke ni, ba su karɓi hoton da na kawo ba.

Mai neman aiki: Yaya, wannan na hukuma ne, ba shi nake nufi ba. Baba, a gyara wannan ɗin ne, ko in ari kwat a sake ɗauka?

Tsohon mai hoto: Idan aron zai samu, ka ara, ko da ta yi maka yawa, sai a kama ta da fil ta baya. Idan bai samu ba, kawo mini asalin hoton, ba wanda ya bi ta WhatsApp ba.